Tambarin Mai Turare da Ya Ɓace a Allon Waya: Nazarin Wani Lamari a Katsina

## Asalin tambarin, 2022

Wata baiwar Allah da ke haɗa turaren wuta da humra a cikin birnin Katsina, wadda za mu kira Hajiya kawai, ta sa an zana mata tambari a shekarar 2022 lokacin da ta buɗe ɗan shagonta a wajajen Ƙofar Ƙaura. An zana shi ne saboda allon da za a kafa a saman ƙofar shago, mai faɗin mita 2, da kuma takardun da ake liƙa wa kwalabe. Abubuwa biyar ke cikinsa: Hasumiyar Gobarau a tsakiya da matakanta da ƙananan tagoginta, dagin Arewa da ya kewaye ta da siririn layi, sunan sana'ar a ƙasa da rubutu mai lanƙwasa irin na katin biki, wani ɗan take mai kalmomi huɗu, sai lambar waya. Dukansu ruwan zinare ne a kan farin fili.

A kan allon shago tambarin ya yi aikinsa. Mai wucewa a Keke Napep yana iya karanta sunan daga tsallaken titi, kuma baƙin da suka zo daga Kano ko Zariya sukan yaba hasumiyar. Da Hajiya ta buɗe shafukan WhatsApp da Instagram da Facebook, sai ƙanenta, wanda shi ke riƙe mata harkar waya, ya ɗauki wannan hoton yadda yake ya sa shi a matsayin hoton fuskar shafi, wanda matasa ke kira difi.

## Janairu 2024: ƙorafin masu saye

Fiye da rabin cinikin Hajiya ta waya yake zuwa. A farkon Janairu wata mai sarin kayanta daga Daura ta kira ta tana cewa ta tura saƙon oda tun kwana uku ba a ba ta amsa ba. Da aka duba sai aka ga ta tura wa wata mai turaren daban ce, wadda ita ma hotonta fari ne mai zanen zinare. Abin da matar ta faɗa shi ne: "Hajiya, wallahi ni duk ɗigon rawaya nake gani, ban san naki daga nata ba." Kafin watan ya ƙare an sami irin wannan kuskure sau uku.

Hajiya ba ta yarda cewa tambarin na da laifi ba, kuma tana da dalilinta. Duk lokacin da za ta duba shi, sai ta taɓa hoton ya buɗe ya cika allon waya, ta ga hasumiya da dagi da suna raɗau. Mai saye kuwa ba ya buɗe hoton. Yana ganin sa ne a cikin jerin hirarraki ko a gefen sharhi, inda girmansa bai kai farcen ɗan yatsa ba, kuma idonsa yana wucewa ta kansa yayin da babban yatsa ke jan allo.

## Yunƙuri na farko da na biyu

Ƙanen Hajiya ya ɗauka cewa hoton ne ba shi da ƙarfi. Ya koma wurin wanda ya yi zanen ya karɓo kwafi mai fiksel 3000 a faɗi da tsawo, wato ƙananan ɗigon da ake haɗa hoto da su, ya ɗora a ranar 20 ga Janairu. Babu abin da ya canza. Kowane dandali yana rage hoton da aka ɗora masa zuwa girman da yake ajiyewa, sannan wayar ta sake rage shi zuwa girman da za ta nuna. Saboda haka ko hoton asali ya kai girman zanin gado, gurbin da za a zuba shi bai ƙaru ba.

Bayan mako guda ya cire lambar waya, ya ja sauran tambarin ya cika murabba'in hoton har bakinsa. Sunan ya ɗan ƙara girma, amma sai harafin farko da na ƙarshe suka yanke, kusurwoyin dagin kuma suka tafi. Dalili shi ne ana ɗora hoto mai kusurwa huɗu, amma duk waɗannan dandali uku suna nuna shi ne a cikin da'ira. Da'irar da ta taɓa ɓangarori huɗu na murabba'i tana ɗaukar kusan kashi 78.5 cikin ɗari na filinsa, sauran yana zubewa a kusurwoyi. Abin ya fi tsanani ga rubutun da ke ƙasa: idan hoton fiksel 1000 ne, faɗin da'irar a tsakiya 1000 ne, amma idan aka sauko da fiksel 300 daga tsakiya, faɗin ya koma 800. Sunan Hajiya a nan yake zaune, kuma bayan an ja shi faɗinsa ya kai 900, don haka kowane gefe ya rasa fiksel 50.

A wannan gaɓar ne aka kawo mini aikin, ni da nake mai zane, a makon farko na Fabrairu.

## Fabrairu: awo kafin zane

Na roƙi Hajiya ta ba ni kwana uku ban zana komai ba, in auna abin da ke hannu tukuna. Na mayar da tambarin asali kan murabba'i mai fiksel 1000, na auna kowane sashe. Layin dagi kaurinsa fiksel 8. Haruffan take tsawonsu 30. Haruffan suna tsawonsu 110, amma siraran gaɓoɓin da ke haɗa harafi da harafi ba su wuce 10 ba.

Girman da ake nuna hoton shafi ya bambanta daga manhaja zuwa manhaja, kuma yana sauyawa idan aka sabunta su, amma a jerin hirarraki da gefen sharhi yakan faɗa tsakanin ma'auni 32 zuwa 48 a sikelin da waya ke auna girman abin da ke allonta. Na ɗauki 40 a matsayin mizani. Daga 1000 zuwa 40 an raba komai da 25 ke nan: layin dagi ya koma kashi ɗaya cikin uku na fiksel, haruffan take suka koma fiksel ɗaya da ɗan ɗori, sunan kuma ya koma fiksel huɗu da kusan rabi. Layin da bai kai fiksel ɗaya ba ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Kwamfuta tana gauraya launinsa da na filin da ke kewaye da shi, sai ya zama wani dishi-dishin rawaya. Ɗigon da matar Daura ta gani ke nan.

Ƙanen Hajiya ya yi wata gardama mai ma'ana. Ya ce, "Malam, ai wayoyin yanzu allonsu ya fi haka kyau." Gaskiya ne cewa yawancin wayoyi suna zuba ɗigon allo biyu ko uku a kowane ma'auni ɗaya, ta yadda hoton 40 zai samu ɗigo 80 ko 120. Sai dai girman da ido ke gani bai ƙaru ba. A tsarin Android ma'auni 160 ne ke yin inci ɗaya, don haka da'irar 40 faɗinta kusan milimita 6 da sulusi ne a kowace waya. A cikin wannan da'ira layin dagi bai wuce milimita 0.05 ba, alhali lafiyayyen ido, idan an riƙe waya a nisan santimita 30, ba ya iya raba abin da ya gaza kusan milimita 0.09. Wayar tana iya zana layin, amma idon mai saye ba zai tsince shi ba, balle idan allon ya tsattsage ko ana tsakiyar rana.

Don Hajiya ta gani da idonta, na rage hoton a kwamfuta da manhajar ImageMagick sannan na sake hura shi ba tare da an gyara gefuna ba, na kuma yi kwafi marar launi:

```
magick tambari.png -resize 40x40 t40.png
magick t40.png -filter point -resize 1000% duba.png
magick t40.png -colorspace Gray toka.png
```

Hoton farko ya nuna mata wani tabo mai kama da miyar da ta ɗiga a farin yadi. Na biyun, marar launi, ya fi tayar mata da hankali, domin kusan fari ne fes. Ruwan zinaren da aka yi amfani da shi, mai lambar launi #D4AF37, yana da haske sosai, kuma idan aka auna bambancin haskensa da farin fili ana samun kusan 2.1 bisa 1. Ƙa'idar WCAG, wadda masu tsara shafukan intanet ke bi saboda masu raunin gani, tana neman aƙalla 3 bisa 1 ga zane da manyan haruffa, da 4.5 bisa 1 ga ƙananan rubutu. Ƙa'idar ba ta tilasta wa tambura bin wannan adadi ba, amma ido bai san da wannan sassauci ba, shi ya sa nake amfani da ita a matsayin sikeli. A kan allon shago zinaren yana ƙyalli da rana, kuma haruffan suna da girma, shi ya rufa masa asiri.

Daga awon na fitar da sharuɗɗa uku na rubuta mata a takarda: kada wani layi ko wata tazara tsakanin layuka ta gaza fiksel 50 cikin 1000, wato fiksel biyu bayan ragewa, duk abin da ke da muhimmanci ya zauna cikin murabba'in tsakiya mai faɗin 700, domin shi ne da'ira ba ta taɓawa, bambancin haske kuma ya haura 4.5 bisa 1.

## Yunƙuri na uku: harafi ɗaya

Abin da masu zane suka saba yi idan suna ya ƙi shiga shi ne su ɗauki harafinsa na farko. Sunan sana'ar Hajiya yana farawa da kalmar ƙamshi, don haka harafin Ƙ ne. A nan muka gamu da matsalar da mai zana wa Bature ba ya gamuwa da ita.

Salon rubutun da aka yi tambarin asali da shi ba shi da Ƙ ko kaɗan. Da na duba sosai sai na ga mai zanen farko K ya rubuta, sannan ya ɗora mata ƙugiya da hannu. Yawancin salon rubutu na ado haka suke, ba su da ɓ, ɗ, ƙ, kuma idan aka buga harafin sai manhajar ta aro shi daga wani salon daban ko ta nuna akwati. Na koma kan wani salo mai kauri da ke da harafin, na sa shi zinare a kan shuɗi mai duhu irin na baba, #1B2A5C, wanda bambancinsa da zinaren ya kai kusan 6.5 bisa 1. Launin ya zauna daram. Harafin ma ya fito, amma ƙugiyarsa, wadda ɗan lanƙwasa ce a saman hannun dama, ta manne da jikin harafin bayan ragewa. Na nuna wa mutum shida a layin shagon, biyar suka ce K ne.

Da K da Ƙ ba ɗaya ba ne ga Bahaushe. Wanda ya san bambancin kafa da ƙafa ba zai yarda a sauya masa su ba, kuma Hajiya, wadda ta koyar da Hausa a firamare kafin ta kama sana'a, ta ce ba za ta sa tambarin da zai koya wa yara kuskure ba. Na gwada girmama ƙugiyar har ta cika sharaɗin fiksel 50, sai harafin ya yi kama da R ga wasu. Ban da haka, na lura cewa a cikin jerin lambobin wayarta akwai hotuna da dama masu harafi ɗaya a cikin da'ira mai launi, domin wasu manhajoji haka suke yi wa wanda bai sa hoto ba. Tambarin da ya yi kama da rashin hoto bai warware komai ba. Muka ajiye shi a ranar 14 ga Fabrairu.

## Hasumiya ko kasko

Hajiya ta so a bar Gobarau ita kaɗai. Ta ce, "Malam, ni Bakatsiniya ce, duk wanda ya ga hasumiyar nan ya san daga ina kayana suka fito." Na fahimci wannan ƙauna, kuma na yi iya ƙoƙarina. Na cire tagogi da layukan gini, na bar inuwar hasumiyar kawai da hawa-hawanta. Matsalar ita ce abin da ke sa a gane Gobarau shi ne yadda kowane hawa ke shiga ciki kaɗan daga na ƙasansa, kuma a cikin da'irar milimita shida wannan shiga ba ta kai kaurin gashi biyu ba. Cikin mutum shidan nan biyu suka ce gini ne, ɗaya ya ce kwalba, ɗaya ya ce tankin ruwa. Biyun da suka gane hasumiya ce, da na tambaye su me mai shafin ke sayarwa, suka ce wata ƙungiya ce ko makaranta.

Sai na tambaye ta wane abu ne idan mace ta gan shi daga nesa za ta tuna turaren wuta. Ba ta yi dogon tunani ba ta nuna kaskon da ke ci a kusurwar shago. Siffarsa mai sauƙi ce: buɗaɗɗen baki, wuya, gindi. Na zana shi tuƙuru da zinare ba tare da ado a jiki ba, faɗinsa 560, na ɗora masa hayaƙi. A zanen farko layin hayaƙi uku na sa, kowanne kaurinsa 50 da tazarar 30 a tsakani. Na karya sharaɗina da kaina, kuma ragewa ta tona ni nan take: tazarar ta cike, hayaƙin ya zama dunƙule ɗaya, kaskon ya koma kamar naman kaza a kife. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a aikin masu zane, har da ni: ana lura da kaurin layi a manta da filin da ke tsakanin layuka, alhali shi ma ido yana buƙatarsa. Na rage hayaƙin zuwa layi ɗaya mai lanƙwasa biyu, kaurinsa 70, na bar tazarar 60 tsakaninsa da bakin kasko.

## Gwaji a hannun mutane, 22 zuwa 24 ga Fabrairu

Mai zane ba ya iya zama alƙalin aikinsa a nan, domin ya riga ya san abin da ke cikin hoton, kuma ƙwaƙwalwarsa tana cike masa abin da ido bai gani ba. Hajiya da ƙanenta ma haka. Saboda haka muka nemi mutum goma sha biyu da ba su taɓa ganin sabon zanen ba, mata takwas da maza huɗu, ciki har da dattijuwa biyu da ke sa tabarau.

Na haɗa hoton allo na jerin hirarraki mai layi goma, na sa da'irori a ainihin girman da waya ke nunawa, na cakuɗa su da hotunan fuskoki da na wasu masu sana'a, na goge duk sunaye. Na yi kwafi biyu, ɗaya da tsohon tambari ɗaya da sabo, kowanne a farin allo da kuma a baƙin allo na masu kunna yanayin duhu. Na tura hotunan a matsayin fayil, domin idan aka tura su a matsayin hoto WhatsApp yana matse su ya ɓata gefuna. Wayoyi uku muka yi amfani da su: wata sabuwa mai tsada, wata ƙaramar Itel, da wata Tecno mai tsagaggen gilashi. Rabin gwajin a cikin shago aka yi, rabi a bakin titi da azahar.

Tambayoyi biyu ne. Da farko a nuna wa mutum da'irar na daƙiƙa biyu a kife wayar, a ce masa me ya gani, ba tare da an ba shi zaɓi ba. Sannan a nuna masa babban hoton sau ɗaya, a ba shi jerin, a ce ya nemo shi. A tsohon tambari babu ko ɗaya da ya ambaci hasumiya, kuma mutum huɗu ne kawai suka nemo shi a karon farko. A sabon, mutum tara suka ce kaskon turare, biyu suka ce kofin shayi mai tururi, ɗaya ya ce fitila. Amma dukansu goma sha biyun sun nemo shi ba tare da kuskure ba.

Amsar masu kofin shayi ta sa na ƙara buɗe bakin kaskon na kuma tsuke wuyansa. Baƙin allo kuma ya nuna wani aibi: shuɗin ya kusa narkewa cikin duhun allon, gefen da'irar ya ɓace, ko da yake kaskon yana nan a fili. Na ƙara wa shuɗin haske kaɗan, na sake aunawa na tabbatar bambancinsa da zinare bai sauka ƙasa da 4.5 ba. Zoben zinare a bakin da'ira na so in sa, amma na fasa, domin idan mai ɗora hoto ya kauce da ɗan yatsa kaɗan zoben zai yi kauri a gefe ɗaya ya yanke a ɗayan.

## Sakamako da abin da za a iya cewa a kansa

An ɗora sabon hoton a ranar 1 ga Maris 2024, kwanaki kaɗan kafin azumi. Na mako biyu Hajiya ta riƙa sa tsoho da sabo gefe da gefe a sitatus ɗinta, domin masu sayen da suka saba da ɗigon rawaya kada su ɗauka wani ne ya buɗe shafi da sunanta. Duk da haka mutum biyu sun kira don su tabbatar. Daga ranar zuwa ƙarshen Afrilu ba a sake kawo ƙorafin tura oda inda ba nan ba. Ciniki ya ƙaru a watannin, amma ba zan jingina wannan ga tambari ba, domin turare yakan tafi da kansa gab da Sallah.

A ganina yunƙuri biyu na farko sun faɗi ne saboda an ɗauki matsalar ta ingancin hoto ce, alhali ta yawan kaya ce a cikin ƙaramin mazubi. Harafin Ƙ da hasumiya sun faɗi saboda abin da ke bambanta kowannensu, ƙugiya da hawa-hawa, shi ne mafi ƙanƙanta a jikinsa, don haka shi ragewa ta fara ci. Kasko ya tsira domin ana gane shi da inuwarsa ta waje. Launi kuma ya yi aiki fiye da yadda na zata: da na tambayi masu gwajin yadda suka nemo shi da sauri, yawancinsu shuɗin suka ambata kafin kaskon. Wannan yana nufin idan masu turare da yawa a Katsina suka koma shuɗi da zinare, sai an sake gwajin jerin nan da sababbin maƙwabta.

Iyakar gwajin a bayyane take. Mutum goma sha biyu sun isa su nuna babban aibi, amma ba su isa su raba tsakanin zane biyu masu kyau ba, kuma dukansu mutanen da suka san kaskon turare ne tun suna yara. Mai saye daga Legas yana iya ganin kofin shayi har yanzu. Tsohon tambarin yana nan a saman ƙofar shago da jikin manyan kwalabe, da hasumiyarsa da daginsa. Ƙananan kwalaben humra, waɗanda murfinsu bai wuce santimita 2 ba, Hajiya ta sa an koma liƙa musu kaskon.